Ciki ya wuce ranarsa: abin da ake dubawa da lokacin da ake tayar da naƙuda

Ranar da ake rubuta wa mai juna biyu a katin awo, wadda ake sa wa haruffan EDD, ƙiyasi ce kawai. A cikin mata 100, huɗu ko biyar ne ke haihuwa a wannan rana daidai, sauran kuwa wasu su riga ta, wasu su wuce ta. Saboda haka macen da ta haura ranarta da kwana biyu ko uku ba ta fita daga sahun masu lafiya ba. A lissafin likitoci, sai ciki ya kai mako 41 ake cewa ya fara jinkiri, sai ya kai mako 42 ake cewa ya wuce lokaci. Kusan duk muhawarar da ake yi a wannan fage a kan kwana bakwai ɗin da ke tsakanin waɗannan makonni biyu take: a jira, ko a tayar da naƙuda?

Amsar ba ta da wani amfani idan ranar kanta ba daidai ba ce, shi ya sa likita mai hankali yake fara komawa kan lissafi kafin ya taɓa maganar magani.

Ana ƙirga kwana 280, wato mako 40, daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe. Hanya mai sauƙi ita ce a ƙara kwana 7 a kan ranar, sannan a ƙara wata 9. Sai dai wannan lissafi ya ginu ne a kan zaton cewa kowace mace tana ganin al'ada duk kwana 28, kuma ƙwanta yana fita a rana ta 14. Mata da yawa ba haka jikinsu yake ba. Wadda al'adarta ke ɗaukar kwana 35 ko 36 kafin ta dawo, ƙwanta yana fita ne wajen mako guda bayan lokacin da lissafin ya zata, don haka cikinta ya fi ƙanƙanta fiye da abin da kati zai nuna. Haka ma wadda ta samu ciki tana shayarwa, ko jim kaɗan bayan ta bar maganin tazarar haihuwa, ko wadda ta manta ranar gaba ɗaya.

A ɗauka ga wata mace mai cikin fari, lafiyarta lau, jininta bai hau ba, ba ta da ciwon suga. Al'adarta ta ƙarshe ta fara ranar 3 ga Janairu, lissafi ya ba ta 10 ga Oktoba. Ta je sikanin a lokacin da kati ke cewa cikinta mako 12 ne cif, amma da aka auna tsawon ɗan tayin daga kai zuwa gindi, sai awon ya nuna mako 10 da kwana 6. Bambancin kwana 8 ke nan. A wannan matakin sikanin ba ya kuskuren da ya wuce kwana 5 zuwa 7, domin 'yan tayi duk kusan girmansu ɗaya ne a watannin farko. Tunda tazarar ta haura kwana 7, sai a bi sikanin, a mayar da ranarta 18 ga Oktoba. Da ba a gyara ba, ranar 17 ga Oktoba za a ce ta cika mako 41 a fara maganar tayar mata da naƙuda, alhali ko ranarta ta gaskiya ba ta kai ba.

Akwai kuskuren da ake yawan yi a nan. Mace ta yi sikanin a wata na takwas, takardar ta fito da sabuwar rana, sai ta riƙe wannan ta watsar da ta farko, a ganinta na baya-bayan nan ya fi sahihanci. Akasin haka ne. A watanni ukun ƙarshe jarirai sun riga sun bambanta, wani babba wani ƙarami, kuma na'urar tana ƙiyasta shekarun ciki ne daga girman kai da ciki da ƙashin cinya, don haka kuskurenta yakan kai mako 3 gaba ko baya. Idan an tsayar da rana da sikanin farko, ba a sake canja ta. Hasali ma jaririn da sikanin ƙarshe ya nuna ya gaza makonninsa, abin tambaya shi ne ko girmansa ne ya tsaya, ba wai a ɗage masa rana ba.

To me ake tsoro idan ciki ya daɗe? Tushen abin mabiyiya ce. Ita ke kai wa jariri abinci da iska daga jinin uwa, kuma a wasu matan aikinta yana fara ja da baya bayan cikar lokaci. Idan iska ta ragu, jikin jariri yana karkata jini zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya, ya rage wa ƙoda. Ƙoda ta rage fitsari, kuma da yake mafi yawan ruwan da jariri ke kwance a ciki a ƙarshen ciki fitsarinsa ne, sai ruwan ya ragu. Ruwa ya ragu, igiyar cibiya ta rasa abin da ke kare ta, sai ta riƙa matsewa tsakanin jikin jariri da bangon mahaifa, musamman idan naƙuda ta kankama. Jaririn da ya daɗe kuma ya fi saurin sakin kashinsa na farko, mai kauri baƙi-kore, a cikin ruwan, kuma idan ya shaƙe shi zuwa huhu yana iya samun matsalar numfashi mai tsanani. Irin wannan jariri ungozoma tana gane shi da ido: fata busasshiya tana saɓa, farata dogaye, jiki a rame.

A wasu matan kuma mabiyiyar ba ta gajiya ko kaɗan, sai jariri ya ci gaba da girma ya wuce kilo 4. Nan matsalar ta zama ta doguwar naƙuda, maƙalewar kafaɗa bayan kai ya fito, yagewa, da zubar jini bayan haihuwa.

Mafi nauyi a cikin abin tsoron shi ne mutuwar jariri a ciki. Wani babban nazari da aka buga a 2019, wanda ya haɗa bayanan ciki sama da miliyan 15 daga ƙasashe masu arziki, ya nuna haɗarin yana tashi daga kusan 0.1 cikin 1,000 a mako 37 zuwa kusan 3 cikin 1,000 a mako 42. Wannan adadi yana da fuska biyu, kuma ya kamata a gaya wa mace duka biyun. Haɗarin ya ninka sau da yawa, gaskiya ne. Amma kuma ko a mako 42, fiye da 990 cikin 1,000 ba abin da zai same su ta wannan fuska. Wahalar ita ce babu gwajin da ke iya nuna wa likita, tun da sauran kwanaki, wane jariri ne zai faɗa cikin ukun nan.

Mu koma ga mai cikin farinmu. Ranar 18 ga Oktoba ta zo ta wuce shiru. A awon wannan makon za a auna jininta, a duba fitsarinta ko akwai furotin, a lalubi ciki a tabbatar kai ne a ƙasa, a saurari bugun zuciya, a tambaye ta motsi. Sannan a yi mata tayin abin da bai kai magani ba: ungozoma ko likita ta sa yatsa ta bakin mahaifa, ta zagaya da shi don raba fatar faya da bangon mahaifa na ƙasa. Wannan yana sa jiki ya saki sinadaran da ke nunar da bakin mahaifa. Akwai zafi, akwai ɗan ɗigon jini da murɗar mara na yini guda, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba. A ƙiyasi sai an yi wa mata kusan takwas kafin a ce mace ɗaya ta tsira daga tayar da naƙuda da magani saboda shi. Duk da haka yana da sauƙi, ana iya maimaitawa bayan kwana biyu, kuma mace tana komawa gida. Ba a yin sa idan mabiyiya tana ƙasa kusa da bakin mahaifa.

Ranar 25 ga Oktoba ta cika mako 41. A nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tayar da naƙuda, da sharaɗin an tabbatar da makonnin, kuma ba ta goyon bayan yin haka kafin mako 41 ga cikin da ba shi da wata matsala. Jagorar aikin likitoci ta Birtaniya ta 2021 ita ma daga mako 41 take cewa a gabatar wa mace da zancen. Tayi ne ake yi, zaɓin nata ne. A ce ta ce a ba ta kwana uku ko huɗu, ko naƙuda za ta zo da kanta. Ba ta yi wauta ba, domin mata da yawa suna fara naƙuda a cikin wannan mako. Amma daga nan jiran ya zama na sa ido, yawanci sau biyu a mako, da abubuwa biyu.

Na farko shi ne na'urar da ake ɗaura wa ciki da maɗauri biyu, ɗaya na ɗaukar bugun zuciyar jariri, ɗaya na ɗaukar murɗawar mahaifa, tana zana su a takarda. Ana kiran gwajin CTG. Mace tana kishingiɗa minti 20, wani lokaci a kai 40 idan jariri barci yake. Abin da ake nema shi ne bugun ya zauna tsakanin 110 da 160 a minti, layin ya riƙa ɗan hawa da sauka, kuma aƙalla sau biyu bugun ya tashi da 15 ya daɗe daƙiƙa 15, galibi lokacin da jariri ya motsa. Wannan tashin shi ne shaidar cewa ƙwaƙwalwarsa tana samun iska. Abin da ba a so shi ne layi ya miƙe sumul ba hawa ba sauka, ko bugun ya riƙa faɗuwa. Faɗuwa ta farat ɗaya mai dawowa da sauri takan nuna cibiya na matsewa, wadda kuma ke zuwa a hankali bayan kowace murɗawa takan nuna mabiyiya ta gaza.

Na biyu shi ne auna ruwa da sikanin. Ana neman gurbin ruwa mafi zurfi wanda babu cibiya ko gaɓar jariri a ciki, a auna shi a tsaye. Daga santimita 2 zuwa 8 daidai ne. Ƙasa da 2, ruwa ya yi kaɗan. Wasu asibitoci suna raba ciki gida huɗu su tara awon, su ɗauki santimita 5 ko ƙasa a matsayin ƙarancin ruwa. Gwaje-gwajen biyu suna cika juna: bugun zuciya yana faɗin halin da jariri ke ciki yanzu, ruwa kuma yana faɗin yadda mabiyiya ta yi aiki a kwanakin da suka gabata.

Ranar 25 ga wata, takardar bugun zuciyarta ta fito da kyau, gurbin ruwa santimita 4. Ta koma gida. A nan ne nake ganin ake yawan barin mace da fahimtar da ba daidai ba. Gwajin nan kamar hoto ne da aka ɗauka: yana nuna yadda jariri yake a wannan sa'a, ba ya yin alkawarin jibi. Ruwa yana iya ƙafewa cikin kwana biyu ko uku a wannan matakin. Jagorar Birtaniya da kanta ta ce a fito a gaya wa mace cewa sa ido ba ya iya hango taɓarɓarewar da za ta zo bayan an cire na'ura. Don haka tsakanin gwaji da gwaji, abin da ya rage shi ne motsi, kuma uwa ce kaɗai ke jin sa.

Maganar da ake yi cewa jariri yana rage motsi idan haihuwa ta kusa, don wuri ya yi masa kaɗan, ba gaskiya ba ce, kuma tana jinkirta mata zuwa asibiti. Salon motsin yana canjawa, shuri ya koma juyi da miƙa, amma yawansa bai kamata ya ragu ba. Idan mace ta ji shakka, ta kwanta a gefen hagu ta natsu ta ƙirga. Idan ba ta ji motsi 10 cikin awa 2 ba, ko kuma ta ji a jikinta cewa yau ba kamar jiya ba ne, ta tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne, ko da jiya aka ce mata komai lafiya. Haka nan idan faya ta fashe, musamman idan ruwan kore ne ko ruwan ƙasa, ko ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani.

Ranar 28 ga Oktoba, mako 41 da kwana 3, ta dawo. Bugun zuciya har yanzu yana da kyau, amma gurbin ruwa ya sauko santimita 1.5. Jira ya ƙare. Ba gaggawar tiyata ba ce, tunda jariri bai nuna galabaita ba, amma za a ba ta shawarar kwanciya a ranar a fara.

Dalilin da ya sa asibitoci da yawa suka daina jira har mako 42 ya fito ne daga gwaje-gwajen da aka raba mata gida biyu. Wanda ya fi yin amo shi ne na Suwidin, SWEPIS, da aka buga a 2019. Mata 2,760 ne, rabi an tayar musu a mako 41, rabi an jira har 42. An dakatar da binciken kafin lokacinsa domin jarirai shida sun mutu a ɓangaren masu jira, babu ko ɗaya a ɓangaren da aka tayar wa. Adadin ƙarami ne, kuma masana sun yi ta jayayya a kan ko tsautsayi ya taka rawa, amma da ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken likitanci tana tantancewa, ta tara gwaje-gwaje 34 a 2020, alƙiblar ɗaya ce: mutuwar jarirai ta ragu a wajen waɗanda aka tayar wa. Sai an tayar wa mata fiye da 500 kafin a ceci jariri ɗaya, wanda ke nuna yawancinsu da sun haihu lafiya ko ba a taɓa su ba. Wani abin da nazarin ya rushe shi ne tsohon zaton cewa tayar da naƙuda hanya ce ta zuwa ɗakin tiyata. Yawan tiyatar bai ƙaru ba, ya ma ɗan ragu.

Yadda za a fara ya dogara ne da bakin mahaifa. Likita zai duba abu biyar: buɗewarsa, tsawonsa, laushinsa, ko yana can baya ko ya dawo gaba, da yadda kan jariri ya sauko. Ana ba kowanne maki a tara, daga 0 zuwa 13, tsarin da likita Edward Bishop ya fitar a 1964. Maki 6 ko ƙasa yana nufin bakin bai nuna ba. A ce nata 3 ne: a rufe, dogo, da tauri. Idan aka ɗaura mata ruwan naƙuda a haka, mahaifa za ta yi ta murɗawa bakin bai buɗe ba, ta galabaita a banza. Dole a fara nunar da shi.

Hanya ɗaya ita ce magani, kuma wanda ya fi yaɗuwa shi ne misofurostol. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce maikurogiram 25 ta baki duk awa 2, ko 25 ta farji duk awa 6. A lura da ƙanƙantar wannan adadi, domin ƙwayar da aka fi samu ta 200 ce, ninki takwas ke nan. Mace mai cikakken ciki ta sha guda a gida, ko wani ya ba ta don a gaggauta, mahaifa tana iya murɗewa ba sassauci har jariri ya rasa iska ko mahaifar ta fashe. Alamar an wuce gona da iri ita ce murɗawa fiye da biyar cikin minti 10, ko guda ɗaya ta daɗe minti 2 ba ta saki ba. Wadda aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa ba a ba ta wannan magani, saboda tabon na iya buɗewa.

Hanya ta biyu ba magani a cikinta. Ana zura robar fitsari ta bakin mahaifa, a hura balan-balan ɗin da ke kanta da ruwa mililita 30 zuwa 60, a bar shi yana danna bakin daga ciki na awa 12, wani lokaci har 24. Idan bakin ya buɗe wajen santimita 3, yakan faɗo da kansa. Amfaninsa shi ne ba ya cika jawo murɗawar da ta wuce kima, don haka ga mace irin tamu, wadda ruwanta ya ragu kuma cibiya na iya matsewa, zaɓi ne mai ma'ana. Shi ne kuma aka fi karkata gare shi ga mai tabon tiyata.

Washegari da safe balan-balan ya faɗo, makinta ya kai 7. Yanzu za a fasa faya da ɗan ƙugiyar roba, bayan an tabbatar kai ya zauna sosai don kada cibiya ta riga shi fitowa, a kuma duba launin ruwan. Idan naƙuda ba ta kankama ba, sai a ɗaura ruwan naƙuda, wato oksitosin a cikin ruwan jijiya, a fara da kaɗan ana ƙarawa duk rabin awa har murɗawa ta kai uku ko huɗu cikin minti 10. Da misofurostol aka yi mata, da sai an bar aƙalla awa 4 bayan na ƙarshe kafin a ɗaura, domin haɗa su yana ninka haɗari. Duk tsawon lokacin ana bibiyar bugun zuciyar jariri, kuma wannan ne ya sa ba a tayar da naƙuda sai a inda za a iya yin tiyata idan ta kama.

Ya kamata a faɗa mata tun farko cewa abin na iya ɗaukar kwana biyu ko uku daga shiga zuwa haihuwa, musamman ga mai cikin fari, kuma mata da yawa suna cewa zafinsa ya fi na naƙudar da ta zo da kanta. Yawancin lokacin nunar da bakin mahaifa ne ke cinye shi, kuma jinkirin ba ya nufin an gaza. Idan zagayen farko bai yi ba, uwa da jariri kuma suna lafiya, ana iya hutawa a sake, ko a canja hanya. Sai bakin ya ƙi buɗewa bayan an fasa faya an yi awanni masu yawa a kan ruwan naƙuda, ko bugun zuciya ya lalace, ake komawa tiyata.

Duk wannan lissafi na mako 41 na macen da cikinta ba shi da wata matsala ne. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai tagwaye, wadda jaririnta ya daina girma, ko wadda fayarta ta riga ta fashe, ba a jira da su har nan, kowacce da nata lokacin. Wadda jaririnta ke kwance a gicciye, ko mabiyiya ta toshe hanya, ba a tayar mata da naƙuda sam, tiyata ake shiryawa. Mafi wuyar sha'ani ita ce wadda ta fara awo a wata na bakwai, ba ta tuna ranar al'adarta ba. Mako 41 ɗinta na iya zama 38, yana kuma iya zama 44. A irin wannan hali likita yana haɗa duk abin da ya samu, lokacin da ta fara jin motsi, ranar da gwajin fitsari ya fara nuna ciki, awon tsayin ciki na baya, sannan ya fi ba da nauyi ga yawan ruwa da bugun zuciya fiye da ranar da ke kan kati.